Ƙaurin Karan Dawa: Yadda Ake Tashin Ƙuruciya a Kan Takarda

Ka ce wa mutum ya rubuta abin da ya tuna na makarantar allo, sau da yawa ga abin da za ka samu: "Muna zuwa karatu da asuba, akwai sanyi sosai, malaminmu yana da zafi." Babu ƙarya a ciki, amma duk wanda ya taɓa riƙe allo zai iya sa hannu a ƙarƙashinsa. Mai karatu ya ji labarin sanyi, jikinsa bai ji sanyin ba.

Gyaran yana farawa ne tun kafin a ɗauki alƙalami. Zaɓi safiya guda, ba shekaru biyar ba. Ka zauna shiru ka tambayi hancinka tukuna, domin wari yana da gajeriyar hanya zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye tsohon tunani. Hausa kuwa ta wadata mu a nan. Ƙauri daban, ƙarni daban, hamami daban, ɗoyi daban. Wanda ya rubuta "wani irin wari" ya bar dukiya a ƙasa. Bayan hanci sai fata, sai kunne. Ido ya zo a ƙarshe, don shi ne ya fi saurin kawo abin da kowa ya riga ya gani.

Ga safiyar nan bayan an yi mata wannan tambaya: "Ƙaurin karan dawa ya kama rigata. Gabana ya gasu da wuta, bayana kuwa hunturu na tsinkulinsa ta hujin riga. Na lashi bakin alƙalami, ɗanɗanon gawayi da ƙaro ya maƙale a harshena. Dorina ta motsa a kan buzu, sai karatu ya tashi sama gaba ɗaya."

Duba, ba a ce malam yana da zafi ba. Motsin dorina da tashin muryoyi sun faɗa. Ni a ganina gaba da zafi baya da sanyi shi ne ƙashin bayan wannan sakin layi, domin sai wanda ya taɓa zama a bakin wutar ne zai san shi.

Inda ake tuntuɓe shi ne cika miya da kayan yaji. Wani da ya gano daɗin abin sai ya cusa gaɓoɓi biyar a kowace jimla, har labarin ya tsaya cak. Biyu ko uku masu ƙarfi sun isa fage guda.

Akwai kuma shigar babba cikin rigar yaro. Ɗan shekara 6 ba ya lura da talaucin unguwa. Abin da ke daidai idonsa shi ne fason dugadugan malam da tururuwar da ke bin gefen allo. Idan ka karanta rubutunka ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba a wancan lokacin, goge ta, ka durƙusa daidai tsayin yaron, ka sake dubawa.