Haya Ma Bashi Ce: Yadda Akanta Ke Lissafa Ta

Kamfani ya kama hayar sito a Kano na shekara uku, zai riƙa biyan naira miliyan ɗaya a ƙarshen kowace shekara. A da, akanta kan rubuta kuɗin hayar kowace shekara a cikin kuɗin da aka kashe, shi ke nan. Daga 1 ga Janairun 2019, lokacin da ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IFRS 16 ta fara aiki, abin ya sauya ga kamfanonin da ke bin ta, har da na Nijeriya. Ranar da aka karɓi makulli, abu biyu ne za su shiga littafi: bashin hayar da aka yi alkawarin biya, da kadarar da kamfanin ya samu, wato haƙƙin amfani da siton.

To nawa ne bashin? Mai gaggawa zai ce miliyan uku, amma ba haka ba ne. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Miliyan ɗayan da za ka biya baɗi ba ta kai miliyan ɗayan yau nauyi ba, domin kafin lokacin kana iya juya kuɗin. Saboda haka sai a dawo da kowane biya zuwa darajarsa ta yau. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne kuɗin ruwan da ke ƙunshe a yarjejeniyar, idan ana iya gano shi. In bai samu ba, sai a ɗauki wanda banki zai caji kamfanin da zai ci bashi makamancin wannan.

Mu ɗauka kashi 10 cikin 100 ne, don lissafin ya zo da sauƙi. Biyan shekarar farko a raba shi da 1.1, ya zama naira 909,091. Na shekara ta biyu a raba shi da 1.1 sau biyu, wato 1.21, ya zama 826,446. Na uku a raba shi da 1.331, ya zama 751,315. Idan aka haɗa, an samu naira 2,486,852. Wannan shi ne bashin haya a ranar farko.

Kadarar kuwa daga wannan adadin take farawa, sannan a ƙara mata abin da aka kashe takanas don samun hayar. A ce an ba dillali la'adar naira 100,000. Darajar haƙƙin amfani ta zama 2,586,852. Da mai sito ya ba da wani ihisani don jawo ɗan haya, da sai a cire shi.

Daga nan kowanne sai ya kama hanyarsa. Kadarar tana raguwa daidai wa daida, naira 862,284 kowace shekara, har ta ƙare. Shi kuma bashin yana hawa da kashi 10, yana sauka da abin da aka biya. A shekarar farko an ɗora masa 248,685, an biya miliyan ɗaya, saura 1,735,537. A ta biyu an ɗora 173,554, an biya, saura 909,091. A ta uku an ɗora 90,909, ya cika miliyan ɗaya cif, aka biya, bashi ya mutu. Nan ne ake gane lissafi mai kyau: idan biyan ƙarshe bai kai bashin sifiri ba, akwai kuskure a wani wuri.

Kuskuren da ya fi kama mutane a nan ƙasar shi ne na lokacin biya, domin masu gidaje sun saba karɓar kuɗinsu tun farkon shekara. Da kamfaninmu ya biya miliyan ɗayan farko ranar karɓar makulli, ba za a rage mata daraja ba, kuma ba ta cikin bashi tunda an riga an biya. Bashin zai zama na biya biyun da suka rage, 1,735,537, amma miliyan ɗin za ta shiga kadara, ta kai ta 2,835,537 har da la'ada. Wanda ya biya shekara ukun a dunƙule ba shi da bashi ko kwabo, sai kadara kaɗai.

Ƙa'idar ta yi sassauci ga hayar da ba ta wuce wata 12 ba, da ta ƙananan kaya irin kujerun ofis. In ba waɗannan ba, kafin ka taɓa kwakuleta, ɗauko takardar yarjejeniya ka tabbatar da abu uku: nawa za a biya, yaushe za a biya, kuma shekara nawa za a yi.