Leƙen jeri ta taga: yadda kwamfuta ke gano lamba mafi girma ba tare da ta koma baya ba

A ce malamin labarin ƙasa ya ba mu ma'aunin zafi na kwana takwas a jere: 31, 29, 36, 33, 30, 28, 34, 34. Sai ya ce mu faɗa masa zafi mafi tsanani a cikin kowane kwana uku da ke bin juna. Kwana ukun farko su ne 31, 29, 36, amsarsu 36. Idan muka matsa da kwana ɗaya, sai mu samu 29, 36, 33, amsar dai 36 ce. Haka za mu yi ta matsawa har ƙarshen jerin. Masu rubuta manhaja suna kiran wannan yanki da ke matsawa taga, domin kamar mutum ne ke leƙen jerin ta wata 'yar taga da ba ta nuna masa sai lamba uku a lokaci guda.

Da lamba takwas, ko da ka ma za a yi lissafin. Matsalar tana tasowa ne idan jerin ya yi tsawo. Mu kira yawan lambobin n, faɗin tagar kuma k. Yawan tagogin shi ne n - k + 1. Idan lambobin miliyan ɗaya ne, tagar kuma tana ɗaukar 1,000, za a samu taga 999,001, kuma duba kowace daga farko zuwa ƙarshe zai kai mu kusan dubawa biliyan ɗaya. A gasar rubuta manhaja, inda ake ƙayyade wa kowace amsa 'yan daƙiƙoƙi, irin wannan amsa faɗuwa take yi ko da lissafinta daidai ne. Ɓarnar kuwa a fili take: tsakanin taga da mai bi mata, lamba ɗaya ce ta fita, ɗaya ta shigo, amma muna sake duba 999 da muka riga muka gani.

Dabarar da aka fara tunani

Wani zai ce mu riƙe lamba mafi girma kawai, duk sabuwar da ta shigo mu gwada su. Wannan yana aiki har zuwa ranar da babbar lambar za ta fice daga tagar. A misalinmu, 36 tana rike da kambu na taga uku, sannan ta fita. Wa zai gaje ta? Idan ita kaɗai muka riƙe, dole mu koma mu binciki tagar gaba ɗaya. Ashe abin da muke buƙata shi ne jerin magada, kuma ba kowace lamba ce ta cancanci shiga cikinsa ba.

Ga ƙa'idar da komai ya dogara a kanta. Idan sabuwar lamba ta shigo, kuma ta kai ko ta fi wata tsohuwa da ke cikin tagar, to tsohuwar ba za ta taɓa zama dole a matsayin amsa ba. Dalili biyu ne: ba ta fi sabuwar girma ba, kuma za ta riga ta fita. Ku dubi ɗalibin aji uku da ake ji da shi a tsere, sai ga ɗan aji ɗaya ya zo ya fi shi gudu. Muddin na aji ukun yana makarantar, yaron ma yana nan, don haka ba zai sake zama na ɗaya ba. Amma ɗan aji ɗayan da bai kai shi gudu ba, ba a cire shi daga lissafi, domin wata rana manyan za su kammala su bar masa fili.

Layi mai baki biyu

Don adana magadan muna amfani da layin da ake iya cire abu ta gabansa da kuma ta bayansa cikin sauri. A harshen Python sunansa `deque`. Abin da muke sakawa a layin shi ne lambar gurbi, wato matsayin kowace lamba a jerin, ana farawa daga 0. Duk lambar da muka iso kanta, abu huɗu muke yi. Da farko mu dubi gaban layi, idan wanda ke wurin ya fita daga taga, mu cire shi. Na biyu, mu dubi bayan layi, mu yi ta cire duk wanda bai fi sabuwar lambar girma ba. Na uku, mu saka sabuwar a baya. Na huɗu, idan tagar ta cika, wanda ke gaban layi shi ne amsa. Saboda mataki na biyu, lambobin da ke layin kullum a jere suke daga babba zuwa ƙarami.

Mu bi misalinmu, muna faɗin ma'aunin zafin maimakon gurbi don a fi ganewa. 31 ta shiga layi ita kaɗai. 29 ta zo, ba ta kai 31 ba, sai ta tsaya a bayanta. Da 36 ta zo, ta kori 29, ta kori 31, layin ya zama nata ita kaɗai. Taga ta cika, amsar farko 36. Sai 33 ta tsaya a bayan 36, amsa 36. Sai 30 ta tsaya a bayan 33, layin ya zama 36, 33, 30, amsa 36.

Yanzu mun iso gurbi na 5, inda 28 take. Tagar ta ƙunshi gurbi na 3, 4 da 5, ita kuwa 36 tana gurbi na 2, don haka lokacinta ya ƙare, sai a cire ta ta gaba. 28 ta tsaya a baya, layin ya zama 33, 30, 28, amsa 33. Ba mu sake binciken komai ba, magajiya tana nan tana jira. A gurbi na 6, 33 ta fita ta gaba, sannan 34 ta kori 28 da 30 ta baya, amsa 34. A gurbi na 7 wata 34 ta zo, ta maye gurbin ta farko tunda za ta fi ta daɗewa, amsa 34. Sakamakon shi ne 36, 36, 36, 33, 34, 34. Amsa shida, kamar yadda 8 - 3 + 1 ya nuna.

Ga yadda ake rubuta shi:

```python
from collections import deque

def mafi_girma(a, k):
    layi, amsa = deque(), []
    for i, x in enumerate(a):
        if layi and layi[0] <= i - k:
            layi.popleft()
        while layi and a[layi[-1]] <= x:
            layi.pop()
        layi.append(i)
        if i >= k - 1:
            amsa.append(a[layi[0]])
    return amsa
```

Ina saurin ya fito?

Mai lura zai ce ai akwai `while` a cikin `for`, ashe ba mun koma gidan jiya ba? Amsar tana cikin ƙirga shiga da fita. Kowace lamba sau ɗaya take shiga layin, kuma ba ta fita fiye da sau ɗaya. A misalinmu lamba takwas suka shiga, biyar aka kora ta baya, biyu suka fita ta gaba, ɗaya ta rage. Lamba ɗaya na iya korar ɗari a zuwa guda, amma waɗannan ɗarin ba za su dawo a sake korarsu ba. Don haka a jeri mai lamba miliyan ɗaya, shiga da fita ba za su wuce miliyan biyu ba, ko tagar ta goma ce ko ta dubu ɗari. Wannan ne ake rubutawa O(n). Layin kansa kuma ba ya taɓa ɗaukar fiye da gurbi k.

Inda ake yawan tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne rubuta `<` a maimakon `<=` wajen duba gaban layi. Tagar sai ta ƙaru da gurbi ɗaya ba a sani ba. A misalinmu amsa ta huɗu za ta fito 36 maimakon 33, alhali ranar 36 ta riga ta wuce. Alamarsa ita ce babbar lamba tana bayyana a amsa sau k + 1 a jere, bayan sau ɗaya tak ta zo a jerin.

Na biyu shi ne sa `if` inda ya kamata a sa `while` wajen korar na baya. Sai 36 ta kori 29 kaɗai ta tsaya a bayan 31, amsar farko ta fito 31. Idan kuka buga abin da ke layin a kowane mataki kuka ga ƙarama a gaban babba, to nan ne ciwon yake.

Na uku ya fi ɓuya, shi ne adana lambobin kansu maimakon gurabensu. Mai yin haka yakan cire na gaban layi idan ya yi daidai da lambar da ke barin taga. Ku gwada da jerin 7, 7, 1 da taga mai faɗin 2. Bakwai ta biyu ta kori ta farko. Da aka iso kan 1, lambar da ke barin taga 7 ce, na gaban layi ma 7 ne, sai a cire shi, alhali ta biyun ce kuma lokacinta bai yi ba. Amsar sai ta fito 1 maimakon 7. Da gurbi aka adana, da wannan ruɗani bai taso ba, domin gurbi biyu ba sa zama ɗaya.

Akwai kuma wanda ba ya ɓata amsa sai dai ya rage gudu: amfani da `list` da `pop(0)`. Duk lokacin da aka cire na farko a `list`, sai an matso da sauran gaba ɗaya, shi kuwa `popleft()` na `deque` ba ya taɓa sauran.

Hanya mafi sauƙi ta kama duk waɗannan ita ce a rubuta dabarar nan mai jan ƙafa, wato `max(a[i:i+k])` ga kowace taga, a gwada amsoshin biyun a kan gajerun jeri masu yawa. A tabbata an sa jeri mai hauhawa, da mai gangarowa, da mai maimaita lamba ɗaya, da taga mai faɗin 1, da wadda ta kai tsawon jerin duka.

Iyakar dabarar

Idan lamba mafi ƙanƙanta ake nema, alama ɗaya kawai za a juya a layin `while`, ta koma `>=`. Amma layin ba ya ba da lamba ta biyu a girma, domin wataƙila an riga an kore ta. A tagarmu ta farko, 31 ce ta biyu, amma 36 kaɗai ta rage a layi. Haka nan ba ya ba da lambar tsakiya. Dabarar kuma ta ginu ne a kan cewa wanda ya riga shiga taga shi zai riga fita. Idan ana iya zare lamba daga tsakiya a kowane lokaci, hujjar korar tsofaffi ta rushe.

Mai son gwada hannunsa zai samu wannan tambaya a dandalin LeetCode a lamba ta 239. Kafin nan, ku ɗauki biro da takarda ku bi jerin 4, 9, 2, 2, 7, 1, 3 da taga mai faɗin 3, kuna rubuta abin da ke layin a kowane mataki. Idan kun samu 9, 9, 7, 7, 7, kun kama hanya.