Abin da Takardar Jikin Firjin Asibiti Ke Faɗa

A ƙananan asibitocin karkara akwai wata takarda da ake mannawa a jikin firjin magani, mai layi ɗaya ga kowace rana ta wata, da gurbi biyu a kowane layi, na safe da na yamma. Idan mai harhaɗa magunguna ya rubuto wa ma'aikata yana tuna musu cike ta, yawanci abin da ya gani ne ya tayar masa da hankali: ko dai guraben Asabar da Lahadi a buɗe, ko kuma lamba 5 jere tun daga farkon wata har ƙarshensa, da biro ɗaya da hannu ɗaya. Zafin firji yana hawa yana sauka, don haka irin wannan takarda a zaune aka cike ta, ba a gaban ma'auni ba.

Umarnin ba shi da wuya. Alluran rigakafi, da insulin na masu ciwon suga, da oksitosin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini, ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyos. Da safe, kafin a buɗe murfi a ɗauki komai, ma'aikaci zai karanta ma'auni, ya rubuta lokaci da lambar da ya gani, ya sa hannu. Haka zai yi da yamma kafin tashi, har ranakun hutu. Karatun safe yana nuna yadda firjin ya kwana, na yamma kuma yadda ya jure zafin rana da yawan buɗewa.

Mu da muka saba da zafin bazara da ɗaukewar wuta, zafi muke tsoro. Amma daskarewa ta fi ɓoye ɓarnarta. Kwalaben rigakafi da yawa suna da tambari mai murabba'i a cikin da'ira, wanda ke duhu idan zafi ya taru a kansu. Wannan tambari ba ya nuna daskarewa. Rigakafin Penta da na ciwon hanta da na sarƙewar haƙora, idan suka daskare sau ɗaya ƙarfinsu ya lalace, kuma bayan sun narke kwalbar za ta iya zama kamar babu abin da ya same ta. Uwa ta taho daga nesa da goyo, a yi wa yaro allura, ta koma gida tana ganin ya samu kariya. Wannan ne ya sa nake ɗaukar lambar ƙarya a takardar a matsayin cin amana.

A ce wata Litinin ce cikin hunturu. Ma'aikaciya ta duba na'urar Fridge-tag da ke cikin firjin, wadda ke riƙe bayanin kwana 30, ta ga digiri 4. Lambar tana kan ƙa'ida, amma fuskar na'urar na nuna X. Na'urar na ɗaga wannan alama ne idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri -0.5 na tsawon minti 60, ko zafi ya haura digiri 8 na tsawon awa 10 a jere. Da ta duba bayanin kwanakin baya, sai ta ga daren Asabar ya kai -2.

Za ta rubuta 4 a gurbin safe, ta kuma rubuta -2 da tsawon lokacin da ya ɗauka a gurbin bayani. Sai ta ware kwalaben da ake zargi, ta yi musu alamar kada a yi amfani da su, amma ta bar su cikin sanyin da ya dace, ta kira jami'in kula da sanyin rigakafi na ƙaramar hukuma. Hukuncin zubarwa ba nata ba ne ita kaɗai. Ga irin su Penta akwai gwajin girgizawa: a ɗauki kwalba ɗaya daga rukuni guda, a daskarar da ita da gangan, a bari ta narke, a girgiza ta tare da wadda ake zargi na daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe. Idan garin maganin ya kwanta a ƙasan wadda ake zargin da sauri kamar na wadda aka daskarar, to ta lalace. Insulin da ya daskare kuwa ba a yi masa wannan gwaji, ba a kuma ba wa majiyyaci.

Daga nan sai a nemi dalili. Sau da yawa wani ne ya murɗa maɓallin sanyi zuwa ƙarshe bayan wuta ta dawo, ko an jingina kwalabe da bangon firjin inda ƙanƙara ke taruwa.

Ga shugabannin asibitoci, kada ku tsawata wa ma'aikacin da ya rubuta 9 ko 1, domin daga ranar zai koma rubuta 5. Ku sanya sunan mai duba firji na kowace Asabar da Lahadi a jadawalin aiki, ku kuma rubuta lambar wayar jami'in ƙaramar hukuma a saman takardar.