Adashen 'yan aji: Yadda za ku riƙe littafin da zai hana rigima

Sau da yawa ba sata ce ke wargaza adashen ɗalibai ba, rubutu ne da ba a yi daidai ba. Ranar kwasa a ƙirga kuɗi a ga bai cika ba, kowa ya rantse ya yi zubi, sai zargi ya koma kan uwar adashe.

Mu ɗauki misalin ɗalibai mata tara da ke zubin Naira 500 duk Juma'a. Ɗaya daga cikinsu hannu biyu ta shiga, wato Naira 1,000 take zubawa kuma sau biyu za ta kwasa. Ke nan hannu goma ne, kwasa Naira 5,000, kuma adashen zai ƙare a mako goma.

A mako na shida sai aka ƙirga Naira 4,500. Aka buɗe littafi, ga sunaye tara, kowanne da alamar maki a gabansa. A ido kowa ta biya. Sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka gano mai hannu biyu Naira 500 kawai ta kawo, uwar adashe kuma ta saka mata maki kamar kowa. Maki yana nuna an ba da kuɗi, amma ba ya faɗin nawa ne.

Maganin wannan shi ne a ba kowane hannu layinsa, mai hannu biyu sunanta ya fito sau biyu. A gaban sunayen a ja gida goma, kowane mako da gidansa da kwanan watansa. A cikin gidan a rubuta adadin kuɗin, mai zubi ta sa hannu. Kafin a miƙa kwasa, a haɗa jimillar makon a gaban kowa. In ba ta kai Naira 5,000 ba, gidan da ke da giɓi zai nuna kansa nan take.

A wani shafi daban a rubuta wadda ta kwasa, da ranar, da adadin, da sa hannunta da na shaida ɗaya. Wannan shafin ne ke tuna wa kowa bashin da ke kanta. Wadda ta kwasa a mako na biyu Naira 1,000 ta zuba, don haka akwai Naira 4,000 ta 'yan'uwanta a hannunta. In ta daina zubi, su za su yi asara. Shi ya sa ya fi kyau sabuwar shiga ta kwasa a ƙarshe.

Idan uwar adashe ta cika wa wata daga aljihunta, kada ta rubuta kamar waccan ce ta biya. Ta rubuta "rance" a gefe, ta soke shi ranar da aka mayar mata. Kuskure kuma ba a goge shi: a ja masa layi ɗaya, a rubuta gyaran a sama, mutum biyu su sa hannu.