Turmi Ashirin a Kwana Biyar: Yadda Ake Sayar da Atamfa a Sitatus

Mai sayar da atamfa a cikin gida a Tambuwal tana da rumfar da ba ta biyan kuɗin haya, wato sitatus na WhatsApp. Tun da aka fito da shi a Fabrairun 2017, ƙa'idarsa biyu ba su canza ba: abin da aka ɗora yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba mai ganinsa sai wadda kika ajiye lambarta, ita ma ta ajiye taki. Ke nan masu kallo ba baƙi ba ne. Tsoffin kwastomomi ne, da dangi, da abokan biki, kuma duk sun san farashin da kika sayar musu bara.

A ce wata Hajiya ta saro turmi 20 na atamfa daga Kantin Kwari a Kano, kowane turmi yadi shida, launi goma, bibbiyu. Abin da ya fi jan hankali shi ne ta zube hotuna 20 a dare guda. Wannan kuskure ne, kuma wayar da kanta tana nunawa: a ƙasan kowane hoto akwai alamar ido da adadin waɗanda suka kalla. Hoton farko zai tara jama'a, na goma sha biyar kuwa sai 'yan tsiraru, domin mai kallo a Kuchi ko Dogon Daji tana lissafin datarta, sabis kuma ba kullum yake da ƙarfi ba. Kayan da ke ƙarshen layi kamar ba a fito da su ba ne.

Gara ta raba. Ranar farko hoto ɗaya ya isa: ɗaurin kaya da aka kwance, da rubutun cewa sababbi sun iso. Rana ta biyu launi huɗu, kowanne da lamba da farashi a jikin hoton. Lambar tana hana rikici, don "mai ruwan ganyen nan" na iya zama turmi uku daban-daban. Masu ɓoye farashi suna cewa hakan na jawo a yi magana. Ni dai ban yarda ba: mace mai kunya ba za ta tambaya ba, kuma ranar da Anti ta ji an sayar wa ƙanwarta da rangwamen da ita ba ta samu ba, an rasa ta.

Rana ta uku ce ta aiki. Ta ɗora sauran launukan, ta kuma maimaita biyu daga na jiya, saboda na jiyan sun ɓace kuma ba kowa ya buɗe waya ba. A nan ake jin "Hajiya, a ajiye mini lamba 4." Kalmar nan ta karya jari da yawa. Turmin da aka ajiye ba kafin alƙalami an cire shi daga kasuwa a ranakun da ido ke kansa, in mai shi ta fasa ranar Juma'a, sai ya zama kwantai. Ta faɗa da ladabi: "Yaya, ajiya sai da rabin kuɗi, zuwa gobe da la'asar." Kada kuma hoton rasit ya ishe ta, ta duba asusunta ta ga kuɗin sun shiga kafin ta ba direban motar Kebbe kaya.

Sai batun launi, wanda shi ne ke dawo da kaya. Hoton da aka ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki yana mai da ruwan toka ruwan ƙasa, shadda kuma ƙyallinta na rikita kamara. A ɗauka da hantsi, a inuwa, a kan farin zane. Leshi ya fi son gajeren bidiyo, a ga yadda yake zuba a hannu. Hoton kamfani da dillalin Kano ya turo ya fi kyau, amma ba shi za a kai wa mai saye ba.

Rana ta huɗu ta nuna abin da ya tafi, da "an saya" a kan hoton. Wannan na motsa mai jinkiri, matuƙar gaskiya ne. A garin da kowa ya san kowa, wadda ta ce saura ɗaya sannan aka ga mata biyar da shi a wurin suna ta zubar da maganarta. Rana ta biyar sai ragowar. In turmi shida suka rage, ta tuna sunayen da ta riƙa gani a ƙarƙashin alamar idon: wadda ta kalli lamba 7 duk ranar da aka ɗora ta, ba ta ce uffan ba, ita za a gaisar a keɓe, a tambayi gida da yara, sannan a ce mata har yanzu yana nan.