Daga Giram Zuwa Lita: Yadda Ake Sanin Iskar da Dutse Zai Fitar

A Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta jihar Gombe, da Malbaza ta Jamhuriyar Nijar, akwai kamfanonin siminti da ke gasa dutsen farar ƙasa dare da rana. Idan zafi ya kai wajen digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, dutsen yakan rabu gida biyu: gasasshiyar farar ƙasa ta rage a ƙasa, iskar kabon-dayoksaid kuma ta tashi sama. Dutsen dai ana iya ɗora shi a kan sikeli. To, iskar da ta fita fa, lita nawa ce? Masana sinadarai suna iya ba da amsa tun kafin a kunna wuta, kuma lissafin bai wuce rabawa ɗaya da ninkawa ɗaya ba.

Abin da ke haɗa sikeli da lita shi ne ma'aunin da ake kira mol. Mol ƙidaya ce, kamar yadda dozin yake ƙidaya. Dozin ɗin ƙwan zabi da dozin ɗin ƙwan jimina duk sha biyu-sha biyu ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Haka mol ɗaya na kowane sinadari yake ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³, sai dai kowane sinadari da nauyin nasa mol ɗin. Sunan dutsen farar ƙasa a rubuce shi ne CaCO₃, wato ƙwayar kalsiyam ɗaya mai nauyi 40, da kabon ɗaya mai nauyi 12, da oksijin uku masu nauyi 16 kowacce. Idan aka haɗa 40 da 12 da 48 za a sami 100. Ke nan mol ɗaya na wannan dutse giram 100 ne.

A ɓangaren iska abin ya fi sauƙi. A shekarar 1811 wani masanin ƙasar Italiya, Amedeo Avogadro, ya kawo ra'ayin cewa idan zafi da matsin iska suka zama ɗaya, to kowace irin iskar gas tana da yawan ƙwayoyi iri ɗaya a cikin lita ɗaya. Dalili shi ne ƙwayoyin iska suna nesa da juna ƙwarai, har girman kowace ƙwaya ba ya yin wani tasiri a kan wurin da suka cika. Don haka mol ɗaya na oksijin, ko haidurojin, ko kabon-dayoksaid, duk kusan lita 22.4 yake cikawa a zafin digiri sifili da matsin iska irin na bakin teku. Wannan yanayi ne takardun jarrabawar sakandare suke taƙaitawa da s.t.p., kuma inda aka rubuta dm³, lita ake nufi.

A ɗauka an gasa giram 50 na tsantsar dutsen farar ƙasa har ya gasu sarai. Kafin a taɓa alƙaluma, sai a rubuta abin da ya faru, a tabbatar ƙwayoyin da ke hagu sun yi daidai da na dama:

```
CaCO₃ → CaO + CO₂
50 ÷ 100 = 0.5 mol
0.5 × 22.4 = 11.2 L
```

Layin farko yana nuna cewa kowane mol ɗaya na dutse yana sakin mol ɗaya na iska. A layi na biyu an raba nauyin da aka auna da nauyin mol ɗaya, aka sami rabin mol na dutse, wanda zai ba da rabin mol na iska. A layi na uku an ninka rabin mol ɗin da 22.4, aka sami lita 11.2. Ɗan dutsen da bai cika tafin hannu ba ya fitar da iskar da ta fi lita goma sha ɗaya. Idan tan guda ne, wato giram miliyan ɗaya, mol 10,000 ke nan, iskar kuma lita 224,000, mai nauyin kilo 440. Wannan daga jikin dutsen kaɗai yake, ban da hayaƙin makamashin da aka ƙona wajen gasa shi.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne layin farko, domin ba kullum ake samun mol ɗaya na iska daga mol ɗaya na garin ko dutsen da aka gasa ba. Bekin soda da ake sa wa a kek, NaHCO₃, mol ɗinsa giram 84 ne. Idan aka gasa shi, ga abin da ke faruwa:

```
2NaHCO₃ → Na₂CO₃ + H₂O + CO₂
```

Lamba biyun nan da ke gaba tana nufin sai mol biyu na garin suke ba da mol ɗaya na kabon-dayoksaid. Saboda haka giram 84 zai ba da rabin mol, wato lita 11.2. Wanda ya tsallake wannan lamba zai rubuta 22.4, ya ninka amsar gaskiya sau biyu. Wani kuskuren kuma shi ne a ninka giram kai tsaye da 22.4. Mai yin haka a misalin dutsenmu zai sami lita 1,120, kuma girman wannan adadi kaɗai ya isa ya sa shi ya sake duba aikinsa.

Ita kanta 22.4 ɗin tana da iyaka, don ta digiri sifili ce, iska kuwa tana buɗewa idan ta sha zafi. A digiri 25, mol ɗaya yana cika kusan lita 24.5. A ranar bazara da zafi ya kai digiri 40 a Sakkwato, sai a ƙara 273 a kan 40 a sami 313, a ninka 22.4 da 313, a raba da 273. Amsar ta kusa lita 25.7, don haka rabin mol ɗinmu zai cika wajen lita 12.8. Yawan ƙwayoyin bai canza ba, wurin da suka mamaye ne ya ƙaru. Haka kuma a wuri mai tudu kamar Jos, inda matsin iska ya ragu, litar za ta ƙaru.

Dutsen da aka haƙo daga rami ma ba tsantsa ba ne, akwai yashi da laka a jikinsa. Idan kashi 90 cikin ɗari ne farar ƙasa, to giram 45 ne kawai cikin 50 ɗin zai yi aiki. Mol 0.45 ke nan, iskar kuma lita 10.08.

A ɗakin gwaje-gwaje, iskar da aka tara takan gaza abin da lissafi ya nuna. Ko dai bututu yana yoyo, ko an tara ta a kan ruwa wani ɓangarenta ya narke a ciki, ko kuma dutsen bai gama gasuwa ba. Sikeli ne yake raba gardama. Mol ɗaya na kabon-dayoksaid giram 44 ne, don haka giram 50 na tsantsar dutse zai rasa giram 22, ya bar giram 28. Idan abin da ya rage ya fi haka nauyi, sai a mayar da shi wuta, a bari ya huce, a sake aunawa, har nauyin ya daina raguwa. Idan ya tsaya a 28 amma iskar da aka tara ta yi kaɗan, matsalar tana wajen tarawa. Idan kuma ya tsaya a sama da 28, dutsen ne yake da gauraye, kuma giram ɗin da ya rasa shi zai nuna ainihin farar ƙasar da ke cikinsa.