Jagorancin Matasa: Abin da Awo Ya Nuna

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu duba tsarin da ake haɗa yaro ko yarinya da wani babba ɗan sa kai, wanda ba mahaifi ba ne kuma ba malamin aji ba ne, domin ya riƙa ja masa gora. Tambayarmu ita ce: idan aka auna, shin wannan haɗin yana ƙara wa yaro ganin kimar kansa? Yana kuma sauya sana'ar da zai kama?

Za mu faro daga Amurka, inda ƙungiyar Big Brothers Big Sisters ta samo asali a birnin New York a 1904. A 1995 wata cibiyar bincike mai suna Public/Private Ventures ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa shirin a birane takwas. Yara 959 masu shekara 10 zuwa 16 aka bibiya. Dukansu sun nemi shiga, sai aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka nema musu jagora nan take, rabi aka ce su jira wata 18.

Ƙuri'ar nan ita ce ginshiƙin gwajin. Da an bar ma'aikata su zaɓa, da sun ɗauki yaran da suka fi natsuwa, daga baya a ce shirin ne ya gyara su. Amma da yake ƙuri'a ce ta raba, rukunin biyu sun tashi daidai, bambancin da aka gani daga baya kuwa na jagorancin ne.

Jagora da yaro sukan haɗu kamar sau uku a wata, kowace haɗuwa wajen awa huɗu. Bayan wata 18, yiwuwar fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin ɗari a wajen masu jagora, fashin makaranta ya ragu da kusan rabi, sun kuma ƙara yarda cewa za su iya aikin aji. Sai dai da aka zo kan ganin kimar kai gaba ɗaya, ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin rukunin biyu.

(Kiɗa kaɗan)

Wani zai tambaya, yaya ake auna abin da ke cikin zuciya? Ana yi ne da takardar tambayoyi. Wadda ta fi shahara ita ce ta Morris Rosenberg ta 1965, mai jimloli goma. Biyar suna nuna gamsuwa da kai, biyar suna nuna raina kai, yaro kuma ya faɗi ko ya yarda da kowace sosai, ko ya yarda, ko bai yarda ba, ko sam bai yarda ba. Akan haɗa makin daga sifili zuwa 30. Ana cika irin wannan takarda kafin a fara shiri da bayan an gama, a rukunin biyu duka, domin yaro mai tasowa yakan sauya ko da jagora ko babu.

To me ya sa gwajin bai nuna ƙaruwa ba? Jean Grossman da Jean Rhodes sun koma kan bayanan yaran nan, suka wallafa abin da suka gano a 2002. Sun jera yaran bisa tsawon zamansu da jagora. Waɗanda suka shekara ko fiye su suka fi cin riba. Waɗanda haɗinsu ya watse kafin wata uku kuwa, kimar da suke ba kansu raguwa ta yi. Idan aka haɗa masu hawa da masu sauka a lissafi ɗaya, sai a ga kamar ba abin da ya motsa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin yaran nan suna zaune ne da uwa ko uba kaɗai. An kawo wa yaro babban mutum, an ce nasa ne, ya saki jiki da shi, sai mutumin ya daina zuwa ba sallama. Yaro ba zai ce aiki ne ya yi wa jagora yawa ba, zai ce shi ne bai isa a tsaya dominsa ba. Gaskiya ne ba ƙuri'a ce ta raba masu daɗewa da masu rabuwa da wuri ba, don haka halin yaron kansa na iya taka rawa. Duk da haka gargaɗin ya isa: jagoran da ba zai iya shekara ba, gara kada ya fara.

Idan aka tattara bincike da yawa, ribar tana nan, amma matsakaiciya ce. David DuBois da abokan aikinsa sun haɗa gwaje-gwaje 73 a 2011. Ma'anar abin da suka samu ita ce, in aka jera yara ɗari, wanda ke tsakiyar layi zai matsa gaba da kamar gurbi tara idan ya sami jagora.

(Kiɗa kaɗan)

A batun sana'a, mu leƙa Jamus. Akwai shirin Rock Your Life, wanda ke haɗa ɗalibin jami'a da ɗan sakandare mai shekara kamar 14, a makarantun da yawancin ɗalibansu kan wuce koyon sana'a. Masana tattalin arziki, ciki har da Ludger Woessmann na cibiyar ifo da ke Munich, sun gwada shi da ƙuri'a a kan matasa 308 a birane goma. Abu uku suka auna: makin lissafi, haƙuri da iya zama da mutane, da kuma ko matashi ya san aikin da yake so.

A wajen 'ya'yan gidajen da ba su da ƙarfi, duka ukun sun inganta bayan shekara ɗaya. Bayan shekara uku, ribar haƙuri da iya zama da mutane ta dusashe, amma ta lissafi da ta sanin alkibla ta tsaya, adadin waɗanda suka sami gurbin koyon sana'a kuma ya zarce na takwarorinsu da maki 29 cikin ɗari. 'Ya'yan masu hali kuwa ba su ƙaru da komai ba. Jagora yana cike gurbi ne. Yaron da a gidansu akwai mai gaya masa yadda ake neman gurbi da yadda ake magana da mai ɗaukar aiki, ya riga ya sami abin da jagora zai ba shi.

Saboda haka, ga ƙungiyoyinmu na unguwa da na tsofaffin ɗalibai masu niyyar kafa irin wannan shiri, darasin a fili yake. A fara da yaran da ba su da mai nuna musu hanya a gida. A tantance jagora, a san halinsa, iyaye su amince, sannan ya ɗauki alkawarin shekara guda. A ba su aikin da za su sa a gaba, kamar darasin da ke ba yaro wuya, ko kai shi garejin bakanike ko shagon tela ya ga aikin da idonsa. A naɗa wanda zai riƙa tuntuɓar yaro da jagora da iyaye kowane wata, domin haɗuwa biyu da aka tsallake a jere alama ce ta cewa haɗin ya fara sanyi. Idan rabuwa ta zama dole, a zauna a gaya wa yaro dalili, a yi sallama ta mutunci. In masu nema sun fi jagorori yawa, a yi ƙuri'a, a rubuta halin kowa tun farko, domin baɗi a san ko shirin ya yi aiki.

A nan za mu dakata. Sai wani makon idan Allah ya kai mu, ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)